Gidan Boris na Famfon Shanga

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ni ke zanen kayan inji a wani gareji a Yelwa. Manoman shinkafa daga Shanga suka kawo famfon ban-ruwa, gidan da sandarsa ke juyawa a ciki ya tsage, suna son sabo.

A zanena, fuskar da ake ɗaurewa da kusoshi na sa wa alamar A, ramin farko na boris, wato zoben ƙarfen da ke riƙe sandar tana juyawa, na sa masa B, domin daga nan kowane awo zai tashi. Rami na biyu kuwa na ɗaure awonsa da B, kada tsakiyarsa ta kauce fiye da kashi biyu cikin ɗari na milimita. Bayan gidan, wanda ba ya taɓa komai, na sakar masa sassaucin awo har milimita guda.

Maigidanmu ya soke B, ya mayar da ita bayan gidan, wai can ya fi sauƙin aunawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bayan nan zubin ƙarfe ne kawai, ba a sassaƙe shi ba. Ramukan za su saɓa."

Ya ce, "Kai za ka koya mini aiki?"

Tsohon da ke kan injin sassaƙar ƙarfe ya bi zanen daidai. Kowane rami ya cika awonsa, amma ba su kalli juna ba. Kwana uku boris ya ƙone, shinkafa ta bushe.

Gaban manoman maigida ya kira tsohon nan makaho, ya kore shi. Ina tsaye, ban ce uffan ba. Har yau in na tuna, shiruna ya fi ƙona mini rai.