Kujerar Jijiya Ta Biyar

Shekara goma sha tara tana sharar ɗakin marasa lafiya, kuma tun makon farko ma'aikatan jinya suka laƙaba mata Sista Tsintsiya. Ba ta taɓa yin fushi ba. Ajiye abin ta yi a ranta, har ranar da autanta ya gama firamare, ta shiga makarantar jinya tana da shekara arba'in da uku.

Hannunta kam ba a magana. Abin da ya tsone mata ido jijiyoyi goma sha biyu ne da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Ta san kowace da sunanta da aikinta, amma a ce ta jero su, sai su watse mata kamar kaji. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar baka a kansu. Ta uku ita ce ta ƙarshe: in ta faɗi, sai ta koma wa tsintsiyarta.

Malamarsu ta kira ta ofis.

"Yaya, kin san gidanki?"

"Ko da ido a rufe, Malama."

"To zaɓi wuri goma sha biyu, daga ƙofar shiga, hanya ɗaya, ba tsallake. Kowane wuri jijiya ɗaya. Ki ɗora mata hoton da zai ba ki dariya, ki riƙa bin hanyar a ranki kullum."

Haka ta yi. A bakin ƙofa ta kafa wani ƙaton hanci yana shinshinar takalmin mijinta: ta ɗaya, jin wari. A madubin zaure idanu biyu sun zuba mata: ta biyu, gani. A ƙusar makullai ido yana ɗaga fatarsa yana juyawa, a matakala wani yana leƙen ƙasa. Ta biyar ta ba wa tsohuwar kujerar falo: mijinta a zaune yana taunar ƙashi, yana sosa goshi da kunci da haɓa, domin jijiyar reshe uku gare ta, ita ke jin taɓi a fuska, ita ke tauna. Ta goma sha biyu, mai motsa harshe, ba ta sha wahala ba. Yayar mijinta ta tsayar a famfon kicin, harshenta ya naɗe famfon sau uku, ita da ke cewa tsohuwa ba ta boko.

Abu ɗaya ta manta, kuma ni har yau mamaki nake: mijinta dillalin tsofaffin kayan ɗaki ne. A gidan nan ba abin da ke da tabbacin kwana biyu sai bango.

Ranar jarrabawa da safe ta fito za ta bi hanyarta karo na ƙarshe. Ƙofa, madubi, ƙusa, matakala, sai fili, da sawun ƙafafu huɗu a ƙura.

"Baban yara! Ina jijiyata ta biyar?"

"Jijiyar me kuma?"

"Kujera!"

"Au. Wani tela ya ɗauka ɗazu. Ai ƙafarta ma rawa take."

Ta ɗauki jakarta ta fita, hawaye na zuba, don tsoro ya kama ta da gaske.

Likitan da ke jarrabawar bai ko ɗago kai ba. "Jero mini su."

Ta rufe ido. Hanci, ta faɗi suna. Madubi, ƙusa, matakala. Ta leƙa falo a ranta tana jiran fili, sai ga kujera daram, ga mutumin a kai yana ta tauna ko kunya babu. Ashe tela katako kawai ya ɗauka. Dariya ta kufce mata.

"Lafiya, Malama?"

"Lafiya lau, Likita. Ta biyar ce."

Daga nan ta wuce taga, inda ido ke harara gefe, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya har famfo. Ta goma sha biyu ta faɗe ta da wani irin daɗi da likitan bai gane dalilinsa ba. Ya ce ta dawo da su daga ƙarshe. Ta juya ta fito daga gidan da baya, ba tuntuɓe.

Da ta fito daga ɗakin jarrabawa, ta tarar da ɗalibai sun taru a bakin ƙofar makaranta. Mijinta ne a tsakiya, gumi sharkaf, kujera a ka. Tun daga shagon tela ya ɗauko ta a ƙafa, maigadi kuma ya hana shi shiga.

"Maman yara, ga jijiyar. Na makara?"

Ta dube shi, ta dubi kujerar.

"Sauke, Baban yara. Na ci."

Ya sauke a gefen titi, ya kakkaɓe ta da hularsa.

"To zauna, Sista," ya ce.

Ta jira ta ji sauran sunan, bai ƙara komai ba. Ta zauna, kujerar na rawa.