Saƙon da Lauratu Ta Kai

Lauratu taubashiyata ce, kuma tun muna yara nake tsokanarta da cewa kunnenta ya fi bakinta girma. Shekara ashirin ta yi tana shara a wani ƙaramin asibiti a Garuwa. In tsoho ya zo ba ya jin Faransanci, ita ake kira ta ajiye tsintsiya ta yi tafinta. A nan ta koyi cewa mutanenmu ko suna bakin kabari "da sauƙi" suke cewa.

Yayanta Hamadu masunci ne a Tibati. Ɗansa na fari, Olivier, ya tashi a Duwala wurin dangin uwarsa, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Da aiki ya kawo shi Garuwa, wata Juma'a ya shigo mana da waya, uban ya aiko saƙon murya.

Muka kunna. Hamadu ya ce: "Lafiya lau muke. Jiki da sauƙi. La'asar dai ta yi. Kwalekwalen da komar kamun kifin na ba Umaru maƙwabcina. A gaya wa yaron nan kada ya wahalar da kansa, amma zumunta a ƙafa take. Mu yafi juna."

Na riga ta magana, na ce wa Olivier da Faransanci babansa lafiya, ya ce ɗan ya yi zamansa ya huta.

Lauratu ta ce, "Kai aku, rufe mana baki. Sake kunnawa."

Sau uku ta saurara. Olivier ya ɓata rai. "Gwaggo, ko sunana bai kira ba."

Ta ce masa ɗan fari ba a kiran sunansa, kunya ce, "yaron nan" ɗin nan shi ne ƙaunar. Sannan ta maimaita masa kalmomin da Faransanci yadda suke, ba ragi, ba ƙari. Bayan haka ta ce, "Yanzu ga abin da yake nufi. La'asar shekarunsa ne. Masunci ba ya kyautar da koma yana da niyyar komawa ruwa. Uba kuma ba ya roƙon ɗansa ya zo, sai ya ce kada ka wahala. Neman yafiya bankwana ne."

Olivier ya tambaye ta, "Ya ce mutuwa zai yi?"

"Bai faɗa ba, ni ma ba zan sa masa a baki ba. Amma in ni ce, yau zan hau mota."

Ni na goya shi a babur zuwa tasha, ya bi ta Ngaundare. Kwana huɗu ya samu tare da uban, har an kai shi bakin ruwa an nuna masa kwalekwalen. Ran na biyar aka yi jana'iza.

Lauratu ta koma ga tsintsiyarta. Har yau aku take kirana, ni kuwa ban ƙara musawa ba.