Wayarin Gidan Baba

Shekara huɗu muka yi muna haya a wani gida mai ɗaki biyu a Wurno, ni da matata da 'ya'yanmu uku. Mai gidan dattijo ne, malami, abokin mahaifina tun suna samari. Baba nake ce masa. Da na taso daga Marnona neman abin yi, shi ya ba ni makulli kafin ma in tambaya.

Ɗansa guda ne namiji, kuma shi ya yi wayarin gidan. Yana cikin koyon aikin lantarki a Sakkwato ya zo hutu ya ja wayar da hannunsa, daga fis har makunnin bayi. Wata biyu bayan haka ya rasu a haɗarin babur kan hanyar Goronyo. Duk wanda ya zauna da Baba ya ji labarin wayarin nan. Ran Jumma'a bayan an sauko masallaci yakan biyo ta wajenmu, ya shafa wayar da ke bin bango, ya ce, "Duba yadda ta miƙe. Yaron ga hannu gare shi." Ni kuma in ce haka ne, Baba. Wayar a miƙe take kuwa, ban yi ƙarya ba.

A bazarar shekara ta huɗu soket ɗin ɗakin yara ya fara tartsatsi. Da an soka fanka sai ka ji ƙara kamar ana suya, ka ga shuɗin haske. Bakinsa ya yi baƙi, in ka taɓa da zafi. Na ɗayan ɗakin ya bi sahu. Wata rana da hantsi matata tana guga, dutsen gugar ya ja ta har ta yar da shi, ɗaki ya ɗau warin ƙonanniyar roba.

Na je na zare fis. Mako uku muna cikin zafi babu fanka, alhali maƙwabta na da wuta. Ran Jumma'a kaɗai nake mayar da shi, don kada Baba ya danna makunni ya ga ba ta kama ba.

"Wai mi kaka jira?" in ji matata. "Sai ɗiyan ga sun zama gasasshen kihi?"

"Ina neman yadda za ni hwaɗa mai."

"Baki gare ka. Da shi kaka cin tuwo."

Sau biyu na je gidansa da niyyar magana. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi hirar albasa da ruwan madatsa, na taso ban faɗa ba. Na so in kira mai gyara a ɓoye, amma gida ba nawa ba ne, kuma taɓa kayan mutum ba da saninsa ba cin amana ne. Sai na yanke shawarar rubuta takarda, in ajiye masa in gudu, ya karanta ba na wurin.

Iyakata firamare, rubutuna a hankali nake yinsa. Na yaga fallen littafin 'yata sau biyar. Na farko ya yi kaushi. Na biyu ya yi laushi har ba a gane akwai haɗari. A na ƙarshe na rubuta gaisuwa, sannan na jera abin da na gani ba ƙari ba ragi: soket biyu suna tartsatsi sun ƙone, waya tana zafi, dutsen guga ya ja iyalina, fis bai taɓa yankewa ba ko sau ɗaya. Na roƙe shi don Allah ya turo mai gyaran wuta. Ban ambaci wanda ya yi aikin ba.

Abin da ban tuna ba, duk da yawan tunanina, Baba ba ya karatun boko. Ajami yake karantawa, kuma na san haka tun ina yaro.

Na same shi a zaure bayan la'asar shi kaɗai. Ya juya takardar, ya miƙo mini.

"Takarda tsakanina da kai? Ko alƙali ka koma? To karanta min, in ji."

Na yi niyyar tsallake wasu layuka. Amma in na tsallake na yi masa ƙarya, kuma 'ya'yana ne ke kwana a ɗakin. Na karanta duka. Da na kai wajen fis ya ɗaga hannu, na dakata, sai ya ce in ci gaba. Da na gama ya ɗago ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Wata guda, Baba."

"Kuma ran Jumma'a ina zuwa wuta na kamawa."

Na gaya masa yadda nake yi da fis. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu.

Bayan kwana biyu mai gyara ya zo daga Rabah, wani gajere mai surutu da bai san tarihin gidan ba. Baba ya zo tare da shi, ya zauna kan kujera a tsakar gida. Na yi ta yi wa mutumin alama da ido, bai lura ba. Ya buɗe fis ya yi dariya.

"Malam, wanga ba fis ba ne, ƙusa ce. An naɗa mai waya mai kauri, ko gidan na ci da wuta ba ya yankewa."

Ya kwance soket, ya nuna mana sukurorin da ba a ɗaure da kyau ba, ya ce nan tartsatsin yake tashi. Wayar da aka ja wa soket siririya ce, ta ƙwan fitila, ba ta ɗaukar dutsen guga. Babu wayar ƙasa ko ɗaya, shi ya sa ƙarfe ke jan mutum. Da ya leƙa silin ya tarar an murɗe wayoyi da juna an naɗe da salatif, salatif ɗin ya narke.

"Wa yay yi muku aikin ga? Ya iya buga kilif na riƙe waya ga bango dai, wallahi layi ya miƙe. Sauran sai addu'a."

"Ɗana ne," in ji Baba. "Ya rasu."

Mutumin ya sauko daga tsani a hankali, ya cire hula ya mayar. Ya yi ta'aziyya, ya ce ai ɗan koyo duk haka yake farawa, shi ma ya yi wanda ya fi wannan. Baba ya ce ya cire duka, kada ya bar ko taƙi ɗaya.

Kwana biyu aka yi ana aiki. Tsohuwar wayar na tattara a buhu na kai masa, don ban ga ina da ikon zubarwa ba. Ya zura hannu ya zaro soket ɗin ɗakin yara, ya kai hanci ya shinshina.

"Ɗiyanka nan kusa suka kwana?"

"Katifarsu na jikin bangon."

"Allah shi gafarta mai," ya ce. "Ka yi daidai. Tahi gida."

Bai tashe mu ba, bai canza mini fuska ba. Ya rayu shekara biyu bayan haka, ina zuwa gaishe shi duk mako. Sai dai tun daga ranar ban ƙara jin ya ambaci ɗansa ba, ko gare ni ko ga wani. Mutanen zaurensa sun lura, har wani ya tambaye ni ko na san dalili. Na ce na sani, amma ban faɗa masa ba.

Matata ta ce in daina sa abin a rai, yara suna da rai da lafiya, shi kansa ya ce na yi daidai. Na yarda da ita. Duk da haka ranar da muka kai shi makwancinsa aka sa shi kusa da ɗan, na kasa tsayawa a sahun gaba. Na koma baya can wajen katanga, sai da kowa ya watse na matsa na yi musu addu'a su biyun.