Takarda Ta Bakwai

Shekarata ta shida ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Beljiyam na tara kuɗin kujerar Makka na Baba. Ban gaya wa kowa ba, don ni mutum ce mai son ba-zata. Ina ɗauke da cikin wata bakwai na shiga bankina na tura su gaba ɗaya zuwa asusun Baba a Filinge, inda nake tura ɗan na cefane duk wata. Ƙanena ne ke cirowa da takardar wakilci, saboda Baba yana ƙauye wajen Tabla, ba rezo na waya, kunnensa kuma ya yi nauyi. Saura sati uku a rufe rajistar alhazai.

Kwana takwas shiru. Bankina suka ce su kam kuɗi sun bar hannunsu, suka ba ni takardar shaidar turawa mai lambar bin sawu. Ashe bankin gida ne ya riƙe su a sashen bincike, don sun ninka abin da ya saba shiga asusun nesa ba kusa ba. Raina ya ɓaci. Guminka, a ce sai ka rantse ba sata ka yi ba!

Na zauna na rubuta musu wasiƙa da Faransanci. Ta farko zagi ce zalla, mijina ya karanta ya ce in goge. A ta biyu na sa lambar turawar, ranar, da sunan mai asusu, na ce ni ɗiyarsa ce, kuɗin kuma na aikin Hajji ne, a gaya mini abin da ake buƙata. Wata ma'aikaciya ta amsa da jerin abu bakwai. Shida nawa ne: fasfo, katin zama, kwantiragin aiki, takardun albashin wata uku, bayanan asusuna da ke nuna yadda kuɗin suka taru, da takardar haihuwata mai sunan Baba. Na bakwai na Baba ne. Katin dantite ɗinsa, wato na shaidar ɗan ƙasa, da ke hannunsu ya daina aiki, sai ya zo reshen bankin da kansa da sabo.

Nawa na haɗa cikin yini biyu, kowace takarda na ɗauke ta tas, na jera yadda suka jera. Sannan na kira ƙanena na fasa masa sirrin, ina jiran ihu. Bai yi ba.

"Ka ɗauko Baba bisa moto gobe, ku yi katin," na ce.

"Yaya, hanya ba ta da kyau."

"Wace hanya? Ko ɗigon ruwa ba a yi ba."

Washegari ya ce mai ɗaukar hoto ba ya nan. Rana ta gaba ya ce mai hoton ya tafi kasuwar Baleyara. Na wanke shi tas, na kira shi malalaci, har na ce ko dai cinye kuɗin cefanen yake yi shi ya sa ba ya son Baba ya taka banki. Bai rama ba, "Ki yi haƙuri, Yaya" kawai yake cewa. Na ba shi zuwa Litinin, ko ya je ko in sa kawu ya je.

Ranar Talata ina hutun rana a ɗakin shan shayin ma'aikata saƙon banki ya shigo. Na buɗe da murna. Ma'aikaciyar ta ce takarduna shida sun cika, ba gyara. Ta ce ɗan'uwana ya zo jiya ya sanar da su, don haka wakilcinsa ya faɗi, an dakatar da asusun har magada su kawo takardar mutuwa da ta gado, kuɗina kuma za a mayar mini. A ƙasa ta yi mini ta'aziyyar marigayi.

Sau uku na karanta kalmar. Na ce sun haɗa ni da wata ne. Na duba lambar asusu, tamu ce. Wata abokiyar aikina ta karɓi kofin hannuna tana tambayata ko naƙuda ce.

Na kira wayar ƙanena. Inna ce ta ɗauka, ita da ba ta taɓa waya.

"Inna, ina Baba?"

Sai ta ce, "Wa ya hwaɗa miki?"

"Banki, Inna. Banki!"

"Ni na hana su," ta ce. "Ba a gaya ma mai ciki mutuwa tana nesa ita ɗaya. Cewa munka yi sai kin sauka lahiya. Ƙanenki bai ci miki ko dala ba, kwana nawa yana kuka kan zaginki."

Na tambaye ta yaushe. Ta ce ranar Juma'ar da ta wuce aka yi sadakar arba'in.

Na ƙirga da yatsu a kan teburin. Ranar da na tsaya gaban mai banki ina gaya masa, baki har kunne, cewa mahaifina zai je Makka, Baba yana da kwana ashirin da bakwai a ƙasa.