Ƙasa da sifili

Shekarar korona aka rufe makarantu, mijina malamin lissafi ya rasa wanda zai koyar, sai ya koma koyar da ni. Kullum yana kan tabarma a gidanmu na Birnin Kudu, yana bin farashin ɗanyen mai a waya kamar gadon ubansa ake rabawa.

Ya ce mai ya faɗi warwas, jirage sun daina tashi, motoci sun kwanta. A kasuwar Amurka, in ji shi, ba ganga ake ɗauka ba, takardar alkawari ake saye ta man da za a kawo wata mai zuwa. In farashi ya tashi ka sayar da takardar, ka ci riba, ko warin man ba ka ji ba.

"Abin da ya kusa sifili ina kuma zai faɗa?" ya ce. "Sama kawai ta rage masa."

Jarin wannan hikima kuwa sarƙar zinaren da Innata ta bar mini ce. Ni ma da tawa wautar, na ciro ta daga ƙasan akwati. Wani Alhaji mai sayen zinare daga Gwaram ya ɗora ta a sikeli, ya duba farashin zinare na kasuwar Landan, ya buga da canjin dala na ranar, ya cire nasa. Na ce ta Innata ce.

"Allah ya jiƙanta, Hajiya," ya ce. "Amma sikeli bai san ta ba."

Saura 'yan kwanaki azumi, bayan magariba, na ga Malam ya bar tuwo yana huce masa. Ashe wa'adin takardar ya zo, wanda duk ke riƙe da ita dole ya karɓi man gaske, rumbunan ajiya kuma sun cika. Manyan 'yan kasuwa suka koma biyan kuɗi don a raba su da ita. Farashi ya wuce sifili ya ci gaba da gangarawa. Tun kafin ya kai can ma kamfanin da Malam ya sayi takardar ta hannunsa a waya ya rufe cinikinsa, don abin da ya ajiye ya ƙare.

Na ce, "Malam, ba kai ke koya wa yara lambobin da ke ƙasa da sifili ba?"

Ya kife wayar a kan tabarma. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukana, don haushin kaina ya fi nasa.

Da damina ta yi nisa zinare ya yi tashin da bai taɓa yi ba, wai duk mai tsoro can yake kai kuɗinsa. Duk da haka na sayar da tumakina biyu, na haɗa da adashina, na tafi Gwaram da niyyar in roƙi Alhaji ya mayar mini ko a nawa ne. Ya saurare ni har na gama.

"Ai tuni na aika da ita Kano," ya ce. "An narkar."