Tafireta da Ɗakin Kujeru

Sau ɗaya tak na ga an kayar da Tafireta a faɗa, kuma har yau in na tuna sai na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Ranar ta rungumi kwamfutarta ta cinya kamar mai kai jinjiri asibiti, ta ce in raka ta shagon mai gyaran da ya sa mata sabon batir. Tun daga bakin titi ta fara.

"Kai! Fito ka ga ɓarnar da ka yi mini! Ka zuba mata cuta!"

Mai gyaran ya leƙa. Fuskar kwamfutar cike take da kalma ɗaya, "sannu, sannu, sannu", tana ta gangarowa ba ƙaƙƙautawa. Ya danna maɓallai biyu tare, abin ya tsaya cak. Ya karanta ƴan layukan da ta rubuta, ya ce, "Anti, wa ya rubuta wannan?"

"Ni. Da magana?"

"Kin ce mata ta yi ta maimaitawa, amma ba ki gaya mata inda za ta tsaya ba. Lafiyarta ƙalau. Halin mai ita ta ɗauko."

Duk shagon aka kwashe da dariya, har da ni, don ba a haife ni da riƙe dariya ba. Tafireta ta ɗauki kwamfutarta. Sai da muka isa bakin ƙofar gida ta ce mini, "Yaya, ke ma da haƙoranki uku kike dariya?"

Ƙofarta na kallon tawa tun yaranmu na rarrafe. Sunan nan ta samo shi ne daga aikinta, don ta ƙarar da ƙuruciyarta a wani ofis tana buga takardu, da farko a tafireta, daga baya a kwamfuta. Abin da wasu suka tsara take bugawa, in an yi kuskure nata ne, in ya yi kyau na oga ne. Da aka sallame ta, sai ta dawo gida da yatsu masu sauri da baki wanda ya fi su sauri. Mijinta ya riga mu gidan gaskiya, ƴarta ɗaya tana aiki a wani gari. Ƴar ce ta bar mata tsohuwar kwamfuta don ta riƙa kallon hotunan jikoki. Ita kuwa sai ta gano ana iya rubuta wa abin umarni layi bayan layi ya bi, abin da yara ke kira kodin. Mace da ta yi shekaru ana ba ta umarni ta samu abin da za ta ba umarni, ai kun san sauran. Da na shiga aron gishiri sai in tarar tana zagin allo.

Da hannunta ya faɗa, sai ta ƙudura za ta koya wa unguwa. Ofishin ƴarta ya canza kwamfutoci, aka ba ta ƴan tsofaffin. Matsalar wuri ce. A zauren taron unguwarmu ƙaramin ɗaki ɗaya ne ke da soket masu aiki da ƙofa mai kulluwa, shi kuwa Mai Kujeru ya cika shi da kujerun roba da rumfunan da yake bayarwa haya. Ya ce zai ajiye su na mako guda, tun jikata tana goye, yanzu tana sakandare. Kuma ɗan kwamitin zaure ne, sannan surukin shugaba. Dokar zauren ita ce, mai son ɗaki ya tashi a taron wata ya gayyaci mutane da bakinsa, in waɗanda za su zo da ƙafarsu suka ɗaga hannu da yawa, ɗaki ya zama nasa. In ba su ɗaga ba, shi ke nan, kwamfutocin su koma ƙarƙashin gadonta.

Ƴarta ta yi ta horar da ita ta waya. "Mama, ki yi murmushi. Kada ki zagi kowa. Ki ce musu akwai ayyukan yi a wannan fanni, mutane na son jin haka." Tafireta ta gwada murmushin a gabana. Na ce, "Ƙanwata, rufe. Kamar wadda aka taka wa yatsa a gidan surukai."

Ranar taro zaure ya cika, fanka ɗaya na juyawa tana kuka. Aka yi ta fama da batun kwata, aka koma kan shara, aka yi rigima kan wanda ke ajiye mota a bakin ƙofar wani. Sai da mutane suka fara neman takalmansu shugaba ya ce, "Anti Tafireta na da ƴar sanarwa. A gajarce, don Allah."

Ta miƙe da murmushin nan da na hana ta. Ta ce, "Maƙwabtana masu albarka, a wannan zamani na ci gaba..." Wani yaro a cinyar uwarsa ya fashe da kuka. Mai Kujeru, daga teburin kwamiti, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Za a ba da satifiket? Ko aiki za ki sama musu a ƙasar waje?"

Na ga murmushin ya sauka daga fuskarta, na gyara zama.

"Ba satifiket," in ji ta. "Ba aiki. Duk wanda ya ce muku zama ɗaya a mako zai mai da ku masu kuɗi, maƙaryaci ne, ku riƙe jakunkunanku. Ga abin da ke akwai. Kowace Asabar da yamma, a ɗakin can, kyauta. Ba sai kana da kwamfuta ba, akwai. Ba sai ka taɓa taɓa ta ba, wanda bai taɓa ba shi nake nema. Mutum biyu kan kwamfuta ɗaya, ɗaya na bugawa ɗaya na duba masa, sai a yi musanya. Ranar farko za ka rubuta layi biyu, ta tambaye ka sunanka, ta gaishe ka da shi. Mako na gaba ka koya mata zaɓi, in kaza ne ki yi kaza, in ba haka ba ki yi kaza. Kalmomin Turancin da ke ciki ba su da yawa, zan fassara muku. Kuma za ku yi kuskure. Kowa zai yi, a gaban maƙwabcinsa. Za ta nuna muku lambar layin da ta tuntuɓe, ku karanta, ku gyara. Ni ba zan taɓa muku madannai ba, ko kuka za ku yi."

Ta juya ta kalli matan da ke gefena.

"Kuma kada wadda ta turo mini ɗanta ta zauna a gida. Na san ku. Komai aka kawo unguwar nan, 'bari in turo yaro'. Yara suna da makaranta. Ke nake kira, Maman Tagwaye, da kike miƙa wa ɗan cikinki wayarki ya karanta miki saƙo yana yi miki tsaki. Kai nake kira, Tela, da kake ce wa kowa kanka ya tsufa, alhali kana riƙe da awon rabin unguwa a cikinsa. Shekara nawa muna tsaye a gaban tebur ana ce mana 'kwamfuta ta ƙi', mu koma gida kamar an yi mana wahayi? Ba aljani ba ce. Mutum ne ya rubuta mata abin da take yi. Ku zo ku ga yadda ake rubutawa. Na gama."

Ta zauna daɓas. Na ce a raina, yau kam ta kashe kanta, wa ke gayyata da zagi? Maman Tagwaye ta kumbura kamar za ta fashe. Tela ya tsura wa takalminsa ido.

Shugaba ya yi gyaran murya. "To, masu zuwa su ɗaga hannu."

Ba wanda ya motsa. Kowa na satar kallon kowa, don a unguwarmu a ce ba ka iya abu ba ya fi a ce ka yi sata ciwo. Mai Kujeru ya fara tattara makullansa yana murmushi. Abin ya ƙona mini rai. Ba don kodin ba, ni me ya haɗa ni da shi, sai don wannan murmushin. Na ɗaga hannu. Na ce, "Ni zan zo. In ta zage ni in rama, dama mun saba."

Aka yi dariya, dariyar kuwa ta kwance wa mutane kafaɗa. Tela ya ɗaga nasa rabi-rabi kamar mai tsayar da motar da bai tabbata za ta tsaya ba. Mai wanki ya ɗaga. Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya ta ɗaga. Maman Tagwaye ta ɗaga tana harara, ta ce, "Zan zo ne don ki san ba tsoronki nake ji ba." Daga can baya sai ga hannun matar Mai Kujeru, a hankali, ba ta ko kalli inda yake ba.

Nan fa Mai Kujeru ya miƙe, jijiyar wuyansa ta fito.

"Shugaba, wannan wasan yara ne! Matar da ba ta da takardar koyarwa! Yanzu ma an ce kwamfuta da kanta take rubuta waɗannan abubuwan, me za su yi da shi?"

"Tana rubutawa," in ji Tafireta daga zaune. "Tana kuma yin kuskure. Wanda bai iya karanta abin da ta rubuta ba, haɗiye shi zai yi."

"To kayana fa? Ina zan kai su?"

"Gidanka ba shi da rufi?"

Shugaba ya ce a yi haƙuri, a yi haƙuri, yana kallon surukinsa yana kallon hannuwan da har yanzu ba su sauka ba. Doka dai shi ya karanta mana ita da bakinsa a farkon shekara, ba yadda zai yi. Amma Mai Kujeru bai gama ba. Ya nuna mu da makulli, ni da Tela da sauran, ya ce, "Ku dube su fa! Ku dubi furfura! Wallahi waɗannan ko shekara goma suka yi suna zama a ɗakin nan ba abin da za su koya. A fitar da kaya masu amfani saboda su?"

Tafireta ta miƙe a karo na biyu, ta je har gaban tebur, ta buɗe masa tafin hannu.

"Kujerunka sun fi shekara goma a zaune a ɗakin nan. Me suka koya? Ba ni makulli."

Ya ba ta.