Atamfa Ɗaya, Suna Biyu

A shekarun da mulkin dimokuraɗiyya ya dawo, kasuwa ta buɗe mana har yayana ya ƙara shagon atamfa a unguwar Vedoko, bayan na Zongo da nake riƙewa. Da shekara ta zagayo, ya miƙo mini takardun ƙidayar kaya na shagunan, ya ce in mayar da su ɗaya.

Nan na gane atamfa ɗaya suna biyu gare ta. Wadda muke kira "mai tsuntsaye", matar da ke riƙe da shagon Vedoko da Faransanci take rubuta sunanta. Sai na bar sunaye, na bi lambar zanen da ke jikin takardar kowane turmi. Duk lambar da ta fito sau biyu, na soke layi ɗaya. Takarda ta yi fes, ina ta jin daɗi.

Yaya ya duba jimilla, ya ce, "Ke, ina sauran kayana?"

Ashe na soke suna har da adadinsa. Kuma mu turmi mai yadi shida muke ƙirgawa, ita kuwa mai yadi goma sha biyu. Na ji haushin kaina, na sake zama. A layin "mai tsuntsaye", turmi tara nata ya zama sha takwas a lissafinmu, na haɗa da sha huɗu namu, sannan na soke layin. A ƙarshe jimilla ta yi daidai da ta shagunan biyu.

Yaya ya yi dariya ya ce, "Suna ake sokewa, ƙanwata, ba kaya ba."

Har yau alƙalamina ba ya soke layi sai ya kwashe abin da ke kansa.